Abin da “Na Amince” Ta Ƙunsa: Fashin Baƙi Kan Takardar Sirri da Sharuɗɗan Amfani

Duk wanda ya buɗe asusu a wata manhaja ya danna maɓallin amincewa, ya ɗora wa kansa aƙalla takardu biyu waɗanda aikinsu ya bambanta, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukarsu abu guda. Ta farko ita ce sharuɗɗan amfani, wadda kwangila ce tsakanin mutum da kamfani, kuma a cikinta ake sarayar da haƙƙoƙi. Ta biyu ita ce takardar sirri, wadda ta fi kama da sanarwa, domin kamfani ne yake bayyana irin bayanan da yake tattarawa, da abin da yake yi da su, da waɗanda yake miƙa wa. Wanda yake son ya fito da jeri biyu a rubuce, jerin abin da ya sarayar da jerin abin da aka miƙa wa wasu, ba zai ci nasara ba idan ya karanta takardun daga farko zuwa ƙarshe kamar labari. Dalili kuwa shi ne, da wuya a samu sakin layi guda da yake ɗauke da asarar gaba ɗayanta. Akan bayyana ma'anar kalma a sashe na 1, a ba da izini da ita a sashe na 4, sannan a kawo togaciya a sashe na 9, kuma sai an jera ukun kusa da juna ake ganin abin da aka amince da shi.

Domin maganar ta tsaya a kan abu guda, bari mu ɗauki misalin wata manhajar motsa jiki wadda ba mu ba ta suna ba. Tana ƙirga taku, tana zana hanyar da mutum ya bi a kan taswira, tana karɓar bugun zuciya daga agogon hannu, tana tambayar nauyi da ranar haihuwa, kuma tana bari a ɗora hotuna domin abokai su gani. Kyauta ce, amma akwai matakin da ake biyan kuɗi. Sassan da za a ambata a ƙasa ba daga takardar wani kamfani takamaimai aka ɗebo su ba. Irin waɗanda ake yawan samu ne a takardun wannan nau'i.

Kafin a karanta ko layi ɗaya, akwai abubuwa uku da za a rubuta a saman takardar aiki. Na farko shi ne ranar da aka sabunta takardar, wadda galibi takan zo a sama, domin jerin da za a fitar na wannan bugu ne kaɗai. Na biyu shi ne cikakken sunan kamfanin da ake ƙulla yarjejeniya da shi da ƙasar da yake, saboda manyan kamfanoni sukan sa mazauna Turai su ƙulla da reshensu na Turai, sauran duniya kuma da uwar kamfanin, kuma haƙƙin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Na uku shi ne sunayen sauran takardun da aka ce suna cikin yarjejeniyar, irin su ƙa'idojin biyan kuɗi da takardar kukis, wato ƙananan fayilolin da shafi yake ajiyewa a na'urar mai ziyartarsa. Jumla guda da ta ce waɗannan takardu ɓangare ne na sharuɗɗan ta isa ta ɗaure mutum da abin da bai taɓa buɗewa ba. Yana da kyau a adana kwafin kowace takarda a ranar, domin shafin zai canja ba tare da tsohon ya bar sawu ba.

Daga nan sai a nufi sashen ma'anar kalmomi, wanda shi ne mafi gundura kuma shi ne mabuɗin sauran. A misalinmu, kalmar “mu” ba ta tsaya ga kamfanin da ya ƙera manhajar ba. An ce ta haɗa da uwar kamfanin da rassanta da duk kamfanin da ke ƙarƙashin mallaka ɗaya. Wannan yana nufin cewa jumlar da ta ce “muna amfani da bayananka domin inganta ayyukanmu” ta riga ta ba da izinin miƙa bayanai ga kamfanoni da dama, alhali kalmar miƙawa ba ta fito ko sau ɗaya ba. Haka nan “bayanan mutum” an fassara su da bayanan da ke nuna wane ne shi kai tsaye, irin su suna da imel da lambar waya. Abin lura a nan shi ne abin da ma'anar ta bari a waje: lambar talla da ke cikin waya, da adireshin intanet, da tarihin wuraren da aka je. Idan waɗannan ba sa cikin ma'anar, to duk alkawarin da aka ɗauka daga baya game da kare “bayanan mutum” bai shafe su ba.

Da yake yawancin waɗannan takardu da Turanci ake wallafa su, hanya mafi sauri ita ce a yi amfani da akwatin bincike na burauza, a riƙa shigar da kalmomin da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, a karanta sakin layin da kowace ta fito a ciki har ƙarshensa. Layi biyu na farko na takardar sirri ne, biyu na ƙarshe na sharuɗɗan amfani.

```
share  disclose  sell  affiliates  partners
aggregate  de-identified  merger  retain
license  waive  arbitration  class action
liability  indemnify  terminate  modify
```

Jerin bayanai yana buƙatar amsar tambayoyi huɗu ga kowane abu: mene ne aka ɗauka, ta yaya aka same shi, wa aka ba, kuma domin me. Tambaya ta biyu ce mutane suka fi tsallakewa. Akwai bayanan da mutum ya rubuta da hannunsa, kamar nauyi da ranar haihuwa, waɗanda yana sane da su. Akwai waɗanda manhajar ta lura da su da kanta, kamar wurin da yake da irin wayarsa da lokacin da yake buɗe ta. Akwai waɗanda aka samo daga wasu kamfanoni aka haɗa da nasa. Sai kuma waɗanda aka hasaso daga sauran, kuma su ne suka fi nauyi: hanyar da take farawa kuma take ƙarewa a wuri ɗaya kowace asuba tana nuna gidan mutum, canjin bugun zuciya da na barci yana iya nuna rashin lafiya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da mai asusun ya faɗa da bakinsa. A takarda, wannan rukuni yakan ɓuya a cikin gajeriyar jumla mai cewa kamfanin yana iya fitar da hasashe game da abubuwan da mutum yake so da halayensa.

Masu karɓar bayanai kuwa ba matsayinsu ɗaya ba, kuma a nan gizo yake saƙa. Rukuni na farko su ne masu yi wa kamfanin aiki, kamar wanda yake ajiye bayanai a rumbunsa, da wanda yake karɓar kuɗi ta kati, da wanda yake aika imel. Waɗannan a ƙa'ida suna aiki ne bisa umarnin kamfanin, ba su da ikon amfani da bayanan domin amfanin kansu, kuma babu manhajar da za ta yi aiki ba tare da su ba. Rukuni na biyu su ne waɗanda ake kira abokan hulɗa, wato kamfanonin talla da na nazarin kasuwa. Alamar da ke bambanta su da na farko jumla ce guda, wadda take cewa amfanin da za su yi da bayanan yana ƙarƙashin tasu takardar sirrin. Da zarar an ga wannan jumla, a sani cewa bayanan sun fita daga hannun kamfanin da aka amince wa, kuma goge asusu a manhajar ba zai dawo da abin da ya riga ya tafi ba. A jerinmu, kowane mai karɓa ya kamata a rubuta a gefensa ko ɗan aike ne ko mai cin gashin kansa, domin wannan bambanci ya fi yawan sunayen muhimmanci.

Takardar misalinmu ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba ta sayar da bayanan kowa. Mai yiwuwa ne jumlar gaskiya ce bisa ma'anar da kamfanin ya zaɓa, wato musayar bayanai da tsabar kuɗi. Sai dai cinikin bayanai ba kasafai yake ɗaukar wannan siffa ba. Abin da aka fi yi shi ne a dasa ɗan guntun manhajar kamfanin talla a cikin manhajar, shi ya riƙa kwasar lambar talla da bayanan amfani, kamfanin kuma ya samu ladansa ta hanyar talla mai tsada ko nazari kyauta. Dokar sirri ta jihar Kalifoniya a Amurka, wadda aka zartar a 2018 ta fara aiki a farkon 2020, ta faɗaɗa ma'anar sayarwa har ta haɗa da musayar bayanai da duk wani abu mai daraja ko da ba kuɗi ba ne, kuma gyaran da ya fara aiki a 2023 ya ƙara miƙa bayanai domin tallan da ke bin mutum daga shafi zuwa shafi. A 2022 kamfanin kayan kwalliya na Sephora ya amince ya biya dala miliyan 1.2 bayan hukumomin jihar sun zarge shi da gaya wa abokan cinikinsa cewa ba ya sayar da bayanansu, alhali yana barin wasu kamfanoni su bibiye su a shafinsa.

Wannan doka ta haifar da wata dabara mai amfani ga kowa, ko a ina yake zaune. Kamfanoni da yawa suna sa sashe na musamman domin mazauna Kalifoniya a can ƙarshen takarda, wani kuma domin mazauna Tarayyar Turai, kuma mai karatun da ba ya cikinsu yakan wuce su yana ganin ba ruwansa. A ganina waɗannan su ne sassan da ya kamata a fara karantawa bayan ma'anar kalmomi. Sashen Kalifoniya yakan zo da jadawali na nau'o'in bayanan da aka tattara da waɗanda aka sayar ko aka miƙa cikin wata 12 da suka wuce. Sashen Turai kuwa, saboda dokar kare bayanai ta Tarayyar wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, dole ne ya faɗi hujjar doka ta kowane amfani, da masu karɓa ko nau'insu, da tsawon lokacin ajiya ko yadda ake ƙayyade shi. Haƙƙoƙin da aka lissafa a can ƙila ba su shafi mai karatu ba, amma bayanin abin da manhajar take yi ya shafe shi, tunda da wuya kamfani ya ƙera wata manhaja daban domin kowace ƙasa. A misalinmu, sashe na 4 ya ce ba a sayarwa, jadawalin da ke sashe na 12 kuma ya nuna cewa an miƙa lambobin na'ura da bayanan amfani da kusan wurin da mutum yake ga kamfanonin talla. Abin da ke cikin jadawalin shi ne zai shiga jerinmu.

Sauran ƙofofi biyu da bayanai ke fita ta cikinsu ba sa ɗaukar wuri mai yawa a takarda. Ta farko ita ce jumlar da ta ce kamfanin yana da ikon yin duk abin da ya ga dama da bayanan da aka cire wa suna ko aka dunƙule su da na wasu. Dunƙulewa ta gaskiya, kamar a ce matsakaicin takun masu amfani ya kai kaza, galibi ba ta cutar da kowa. Amma cire suna daga tarihin tafiye-tafiyen mutum ɗaya bai ɓoye shi ba, domin gida da wurin aiki sun isa su nuna mai su. Ko dunƙulalliyar ma tana iya tona asiri: a Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da kamfanin Strava ya wallafa, wadda take nuna hanyoyin da masu amfani da manhajarsa suka fi bi, ta fito da siffar wasu sansanonin soja a yankunan da babu mai amfani da ita sai sojojin da ke motsa jiki a ciki. Abin da za a nema a takarda shi ne ko kamfanin ya yi alkawarin ba zai yi ƙoƙarin sake gano masu bayanan ba, kuma ko ya ɗora wa masu karɓa wannan sharaɗi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta sauyin mallaka. Kusan kowace takarda tana cewa idan aka sayar da kamfanin, ko ya haɗe da wani, ko ya durƙushe, bayanan masu amfani suna cikin kadarorin da za su koma hannun sabon mai shi. Lokacin da kamfanin gwajin ƙwayoyin halitta na 23andMe ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Maris ɗin 2025, tambayar da ta tashi nan take ita ce wa zai gaji bayanan miliyoyin mutanen da suka aika masa samfurinsu. Saboda haka a jerin masu karɓa akwai layi guda da ba shi da suna, sai dai a rubuta “duk wanda ya sayi kamfanin”, a kuma duba ko an yi alkawarin sanar da mutum kafin a miƙa.

Yanzu sai a juya ga sharuɗɗan amfani domin ɗaya jerin, wato na haƙƙoƙin da aka sarayar. Abu na farko shi ne lasisin abin da mutum ya ɗora. Sashen yakan fara da jumla mai kwantar da hankali, cewa hotunanka da rubutunka naka ne, sannan jumla ta gaba ta karɓe da hagu abin da aka bayar da dama. A misalinmu, mai asusu ya ba kamfanin izinin kwafa da gyarawa da nunawa da rarrabawa a ko'ina a duniya ba tare da biya ba. Wani ɓangare na wannan wajibi ne, domin manhaja ba za ta iya rage girman hoto ta nuna wa abokai ba sai da izinin kwafa da gyarawa. Kalmomin da suke sauya lissafi uku ne: `sublicensable`, wato kamfanin yana iya ba wani izinin da aka ba shi, `perpetual`, wato ba shi da ranar ƙarewa, da `irrevocable`, wato ba a janyewa. Sai a nemi abu biyu bayansu. Shin an taƙaita lasisin ga gudanar da manhajar, ko an ƙara da tallata ta da duk wata manufa? Shin yana ƙarewa idan aka goge hoton? Idan an ce yana ƙarewa, a ci gaba da karantawa, domin togaciyar takan biyo baya: ban da kwafin da ke rumbun ajiya da wanda wasu suka riga suka sake ɗorawa.

Abu na biyu shi ne mafi nauyi a takardun kamfanonin Amurka, wato sashen sasanci. Ma'anarsa ita ce mutum ya amince cewa duk wata rigima tsakaninsa da kamfanin ba za ta je kotu ba, sai dai gaban wani mai raba gardama mai zaman kansa, wanda hukuncinsa yake ɗaure ɓangarorin biyu kuma hanyar ɗaukaka ƙara a kansa ƙunƙuntacciya ce ƙwarai. Tare da shi akan zo da sarayar da haƙƙin shiga ƙarar haɗin gwiwa, inda mutane da yawa da aka yi wa ɓarna iri ɗaya suke kai ƙara a matsayin ƙungiya guda. Wannan na biyu ne yake da tasiri a aikace, saboda ɓarnar da manhaja take yi wa mutum ɗaya galibi ƙarama ce da ba ta kai kuɗin lauya ba, sai an tara ta mutum dubbai take zama abin ƙara. Shari'ar da ta tabbatar da wannan tsari a Amurka, wadda Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 2011 tsakanin kamfanin AT&T Mobility da wasu ma'aurata, ta taso ne a kan harajin kusan dala 30 da aka caje su a kan wayoyin da aka tallata a matsayin kyauta, kuma kotun ta goyi bayan kamfanin da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu.

Akwai tambayoyi biyu da za a yi wa wannan sashe. Ta farko ita ce faɗinsa: ya tsaya ga rigimar da ta shafi manhajar, ko ya haɗa da duk wata rigima da kamfanin da rassansa? A nan ne ma'anar “mu” da muka gani a farko take dawowa. A 2024 kamfanin Disney ya nemi kotu ta mayar da ƙarar wani magidanci zuwa sasanci, bayan matarsa ta rasu sakamakon abincin da ta ci a wani gidan abinci da ke harabar kamfanin a Fulorida, kuma daga cikin hujjojinsa har da sharuɗɗan da mutumin ya amince da su a 2019 lokacin da ya yi rajistar gwajin manhajar kallon finafinan kamfanin. Kamfanin ya janye buƙatar a watan Agusta bayan suka ta yi yawa, don haka kotu ba ta yanke hukunci a kanta ba, amma lamarin ya nuna iyakar da lauyoyi za su iya jan irin wannan jumla. Tambaya ta biyu ita ce ko akwai hanyar fita. Takardu da yawa suna ba da wa'adi, galibi kwana 30 daga ranar amincewa, wanda a cikinsa mutum zai iya aika saƙon ƙin sasanci ya ci gaba da amfani da manhajar. Wannan yana cikin 'yan wuraren da karatun yake ba da damar yin wani abu ban da karɓa ko bari, don haka a rubuta ranar ƙarshe da adireshin da za a aika a jikin jerin.

Abu na uku shi ne iyakar diyya, wanda akan rubuta da manyan baƙaƙe a dunƙule har ido ya gaji. A misalinmu an ce duk abin da ya faru, abin da kamfanin zai biya ba zai wuce abin da mutum ya biya shi cikin wata 12 da suka gabata ba, ko dala 100, duk wanda ya fi yawa. Ga mai amfani da matakin kyauta, wanda bai biya komai ba, rufin diyyarsa dala 100 ne, ko da ɓarayin intanet sun kwashe tarihin lafiyarsa da taswirar gidansa. Idan babu wannan zaɓi na biyu, rufin sifiri ne. Kusa da shi akwai sashen da yake juya alhaki, inda mai asusu ya ɗauki nauyin biyan asarar kamfanin da kuɗin lauyoyinsa idan wani ya kai ƙara saboda abin da shi ya ɗora. Idan aka jera sassan biyu, za a ga alhakin kamfanin yana da rufi, na mai asusu kuwa ba shi da shi.

Sauran abubuwan jerin ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai ikon kamfanin na rufe asusu a kowane lokaci, inda abin dubawa shi ne ko za a ba da dama a kwashe bayanai kafin a rufe. Akwai zaɓin doka da kotu, wanda yakan tilasta a kai ƙara a garin da hedikwatar kamfanin take. Akwai gajarta wa'adin kai ƙara, wani lokaci zuwa shekara ɗaya. Sai kuma ikon sauya sharuɗɗan, tare da cewa ci gaba da amfani da manhajar amincewa ne da sabon bugu. Wannan na ƙarshe shi ne dalilin rubuta kwanan wata a saman takardar aiki, kuma bambancin da ke tsakanin kamfanoni shi ne ko za a aiko da sanarwa kafin sauyi, ko kuwa an ɗora wa mutum nauyin leƙa shafin da kansa.

Jerin da aka fitar ta wannan hanya yana da iyakoki biyu da suke jan sa ta fuskoki mabambanta. Ta fuskar haƙƙoƙi, jerin yakan fi gaskiya muni, domin ba duk abin da aka rubuta ne doka take zartarwa ba. A Tarayyar Turai, dokar 1993 kan sharuɗɗan zalunci a kwangilar masu saye ta ce sharaɗin da ba a yi ciniki a kansa ba, wanda ya karkata sosai ga cutar da mai saye, ba ya ɗaure shi, kuma haƙƙin ganin bayanai da neman a goge su ba ya faɗuwa saboda an danna maɓalli. Alamar wannan a cikin takarda ita ce jumlar da ke cewa sharaɗin yana aiki ne iyakar abin da doka ta yarda, ko cewa wasu ƙasashe ba su yarda da wannan taƙaitawa ba. Duk inda aka gan ta, a sa alama a gefen layin cewa ƙarfinsa ya dogara da dokar ƙasar da mutum yake zaune. Ta fuskar bayanai kuwa, jerin yana iya zama ƙasa da gaskiya ko sama da ita. Kalmar `may`, wato “muna iya”, tana nuna izinin da kamfanin ya ajiye wa kansa ne, ba ta tabbatar da cewa yana yi ba, kuma `such as` da `including` suna nuna cewa sunayen da aka kawo misalai ne kawai. Sannan takarda tana iya faɗin abin da ba shi ake yi ba: a 2023 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, mai ba da shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8 bisa zargin miƙa bayanan abokan hulɗarsa ga kamfanonin talla bayan ya yi alkawarin sirranta su.

Hanyar gwada jerin da abin da ke faruwa a zahiri tana da matakai biyu masu sauƙi. Na farko shi ne a kwatanta shi da izinin da manhajar ta nema a saitin waya da kuma bayanin sirri da ke shafinta a shagon manhajoji; idan ta nemi jerin lambobin da ke cikin waya alhali takardar ba ta ambace su ba, an samu giɓi. Na biyu shi ne a aika buƙatar ganin bayanai zuwa adireshin da ke ƙarshen takardar sirri, a nemi kwafin abin da aka ajiye, da hasashen da aka yi, da sunayen waɗanda aka miƙa wa. Inda dokar Turai take aiki, kamfani yana da wata ɗaya ya amsa, wanda zai iya tsawaitawa da wata biyu idan buƙatar tana da sarƙaƙiya, kuma a Janairun 2023 Kotun Tarayyar ta yanke, a shari'ar da ta shafi kamfanin gidan waya na Ostiriya, cewa mai neman yana da haƙƙin a faɗa masa ainihin sunayen masu karɓa, ba nau'insu kawai ba, sai idan gano su ba zai yiwu ba ko buƙatar ta wuce gona da iri. A misalinmu, amsar wannan saƙo ce za ta maye gurbin layin da aka rubuta “abokan hulɗa na talla” da sunayen kamfanoni, kuma kowane suna yana da tasa takardar sirrin da za a aika wa irin wannan buƙata.